Ciniki Bashi da Ƙarin Farashi a Tarihin Kasuwancin Hausawa

Gabatarwa

Da wuya a sami ma'aikacin gwamnati wanda bai san littafin mai kanti ba, watau ɗan littafin nan da ake rubuta shinkafa da sukari da sabulun da aka ɗauka, sai ƙarshen wata a zo a biya. Da wuya kuma a sami wanda bai taɓa lura da cewa kuɗin da aka rubuta masa ya ɗan ɗara wanda mai biya nan take ya bayar ba. Idan albashi ya makara, aka shiga wata na biyu ba a biya ba, sai wata tambaya ta taso: shin mai kanti yana da ikon ya ƙara wani abu saboda jinkirin? Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka tambayar ta shafi mai saye da mai sayarwa baki ɗaya.

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. Fataken ƙasar Hausa sun yi ƙarnoni suna fama da ita, kuma amsar da suka tsaya a kai ta kasu gida biyu. Ƙarin da aka sa a farashi ranar ƙulla ciniki sun yarda da shi. Ƙarin da za a ɗora a kan bashi bayan ranar biya ta wuce kuwa shari'ar da suke bi ta haramta shi. Abin da za a duba a nan shi ne yadda aka yi wannan rarrabewa ta samu, da yadda kasuwa ta iya tafiya da bashi mai yawa ba tare da tarar jinkiri ba, sa'an nan da dalilin da ya sa maganar tarar ta sake dawowa a zamanin naira.

Abin da ya sa fatauci ya dogara da bashi

Fataucin goro na ƙarni na 19 shi ne misali mafi sauƙin fahimta. Ayari yakan tashi daga Kano a ƙarƙashin madugu, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja, inda ake samun goron da ya fito daga kurmin Asante. Zuwa da dawowa yakan ci watanni da yawa, wani lokaci ma kusan shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan hanya. Wanda ya ba falke turamen zane a Kano ya san ba zai ga wurinsa ba sai ayari ya dawo. Haka kuma falken da ya iso da goro ba ya iya zama yana sayar da shi ƙwarya-ƙwarya har ya ƙare, domin goro kaya ne mai lalacewa, sai an riƙa kwance huhu ana tsince ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa. Dole ya saki kayan ga masu sari, su kuwa yawanci ba su da kuɗin biya sai sun sayar.

Kuɗin zamanin ma ya taimaka wajen tilasta bashi. Wuri ne kuɗin kasuwa, kuma yana da nauyi da wuyar ƙirga. Keso guda wuri zambar ashirin ne, amma lokacin da Bature mai yawon bincike Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 wuri 2,500 ne ake ba da shi a kan dalar azurfa ɗaya. Ke nan keso cur bai wuce dala takwas ba. Babban ciniki ba ya yiwuwa a ce kullum sai an jibge kesuna an ƙirga kafin a ɗauki kaya.

Saboda haka aka sami farashi iri biyu ga kaya ɗaya, na hannu da na ajali. Mai sayarwa da ya jira wata uku ya hana kansa juya jarinsa a cikin waɗannan watanni, ya kuma ɗauki kasadar mutuwar mai saye, ko harin 'yan fashi a hanya, ko cin amana. Ƙarin da yake sawa a farashin ajali na waɗannan abubuwa ne.

Iyakar da shari'a ta shata

Alƙalai da malaman ƙasar Hausa mazhabar Malikiyya suke bi, kuma littattafan da suka fi dogara da su a babin ciniki su ne Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halil. Dukansu sun halatta sayar da kaya zuwa ajali. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashin ajali ta sauka, tana umurni da a rubuta shi a kuma kafa shaidu. Jumhurun malamai sun tafi a kan cewa babu laifi farashin ajali ya fi na hannu, domin har a lokacin ciniki ake yi, kuma mai kaya yana da ikon ya yanka wa kayansa kuɗin da mai saye ya yarda da shi.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Na farko, ajalin ya zama sananne. Malikawa sun sassauta a nan, sun yarda a ce sai kaka, ko sai an yi girbi, tun da lokaci ne da kowa ya sani. Na biyu, a rabu a kan farashi ɗaya. Mai kaya yana iya cewa goma a hannu, sha biyu zuwa wata biyu, amma kafin mai saye ya tafi da kayan dole a tsayar da wanda aka zaɓa. In aka ɗaure cinikin ba a tantance ba, ya zama ciniki biyu a cikin ɗaya, wanda aka hana. Na uku, kada kayan da kuɗinsu su kasance daga abubuwan da ba a musayarsu da jinkiri, kamar zinariya da azurfa, ko abinci da abinci.

Da zarar an ƙulla, sha biyun nan ta zama bashi a wuyan mai saye, ta fita daga hukuncin farashi. Bashi kuwa ba ya haihuwa. In ajali ya cika mai bin bashi ya ce a biya shi yanzu ko kuma a ƙara masa wani abu ya ƙara lokaci, to wannan ita ce ainihin ribar zamanin jahiliyya wadda aka haramta, abin da Bahaushe yake kira bashi da ruwa. Malikawa sun tsananta har suka hana kishiyar wannan, watau a ce wa mai bin bashi ya rage wani abu a biya shi kafin ajali, domin a ganinsu shi ma sayar da lokaci ne a kan bashin da ya riga ya tabbata.

Mai karatu zai iya cewa ai sakamakon ɗaya ne, tun da a duka biyun an biya kuɗi saboda lokaci. Bambancin yana ga halin da mai saye yake ciki. Ranar ciniki yana da zaɓi: ya taya, ya ƙi, ya tafi rumfar gaba. Ya kuma san iyakar abin da zai biya, ko da ya makara. Ranar da ajali ya cika bai da kuɗi kuwa ba shi da wani zaɓi, duk abin da aka yanka masa sai ya karɓa, kuma ƙarin zai riƙa hauhawa ne daidai lokacin da ya fi rauni. Ga wanda ya gaza da gaske, aya ta 280 a wannan sura ta yi umurni da a saurara masa har ya samu.

Kasuwar shanu ta Ibadan

Wurin da aka fi samun cikakken bayanin yadda wannan tsari yake aiki shi ne unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna a can a 1962 da 1963, ya kuma bayyana cewa shanu wajen 75,000 ake sayarwa a kasuwar a shekara, kusan dukansu bashi, kuma a kowane lokaci akwai kimanin fam 100,000 a wuyan mahauta. Masu shanun 'yan Arewa ne, mahautan Yarabawa ne, ba a sa hannu a takarda, ba a kuma dogara da kotun gwamnati.

Dalilin bashin a fili yake. Shanun Arewa da suka shiga kurmi, musamman waɗanda aka koro da ƙafa, ƙudan tsando ya riga ya cije su a hanya, ciwon sammore yana cinsu, kullum ramewa suke yi. Mai shanu ba ya iya riƙe su yana jiran farashi. Mahauci kuma ba shi da jarin sayen sa a hannu, sai ya yanka ya sayar da nama. Kowannensu yana bukatar ɗan'uwansa, amma ba su san juna ba, harshensu ma ba ɗaya ba ne.

Wanda ya haɗa su shi ne maigida, wanda a wasu wurare ake kira fatoma. Falke yakan sauka a gidansa, a ba shi masauki da abinci, a tsare masa shanu. Dillalan maigida su ne suke shiga kasuwa su daidaita farashi da mahauta, a sa ranar biya nan da 'yan makonni, su karɓi la'ada. Babban aikin maigida shi ne lamuni: in mahauci bai biya ba, shi zai biya baƙonsa daga aljihunsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ana iya gane dalilin wannan lamuni ta hanyar ɗan lissafi. Adadin da ke tafe na misali ne kawai. A ƙaddara falke ya zo da shanu 20, kowane sa yana yin fam 20 a hannu, watau fam 400 ke nan duka. A ƙaddara kuma ya sayar wa mahauta 20, kowa sa ɗaya, a kan fam 22 zuwa mako huɗu, babu mai tsaya masa. In kowa ya biya zai tashi da fam 440, ƙarin fam 40 ke nan ladan jiransa. In mahauci ɗaya ya gudu, abin da zai shigo fam 418 ne, har yanzu ya fi farashin hannu da fam 18. In biyu suka gudu kuwa fam 396 zai samu, watau ya yi zaman wata guda ya kuma tashi da ƙasa da abin da zai samu da ya sayar a hannu tun ranar farko.

Wannan lissafi yana nuna abu biyu. Na ɗaya, ƙarin kashi goma cikin ɗari, wanda yake da nauyi ƙwarai ga mai saye idan aka tuna cewa na mako huɗu ne kacal, mutum biyu cikin ashirin sun isa su cinye shi. Na biyu, ɗaga farashi ba ya maganin wannan. In falken ya mai da shi fam 26 don ya rufe asara, mahautan kirki za su koma wurin wani, waɗanda za su rage masa su ne waɗanda ba su damu da farashi ba domin tun asali ba su yi niyyar biya ba. Shi ya sa tsofaffin 'yan kasuwa suke tsoron mai karɓar bashi ba tayi fiye da mai ja-in-ja a kan sule guda. Abin da yake kare jari shi ne sanin mutum, kuma baƙon da ya zo daga Arewa ba shi da wannan sani. Maigida da dillalansa su ke da shi.

Sanin nan aiki ne na kullum. Dillali yana bukatar ya san sa nawa mahauci yake iya sayarwa a rana, nawa ake binsa a wasu gidaje, da ko ya saba cika alkawari. Hatsarin da ya fi yawa shi ne mahauci ya riƙa biyan tsohon bashi da kuɗin sabon sa. Muddin ana ba shi wani san, asirinsa a rufe yake, ranar da aka hana shi kuwa sai ramin ya bayyana. Alamominsa su ne ya fara biya gutsure-gutsure, ko ya nemi shanu fiye da abin da ya saba, ko a gan shi yana sauya dillali ba dalili. Saboda haka masu gidaje, duk da gasar da ke tsakaninsu, tilas su riƙa jin labarin juna.

Abin da ya tsaya a madadin tara

Tun da ba a ƙara wa mai jinkiri ko kwabo, me yake sa shi ya biya? Amsar ita ce hukuncin ba a kan tsohon bashi yake sauka ba, a kan ciniki na gaba yake sauka. Mahaucin da ya saɓa alkawari zai zo gobe ya tarar an rage masa yawan abin da ake ba shi, ko an tsuke masa ajali, ko an ce sai da kuɗi a hannu. In abin ya yi tsanani masu gidaje su haɗa kai su daina sayar masa, sana'arsa ta tsaya. Duk wannan halal ne, domin ba wanda aka wajabta wa ya ba da bashi, kuma kowane sabon ciniki da farashinsa. Mai cika alkawari kuma yana cin ribar halinsa ta hanyar sauƙin farashi da yalwar ajali.

Shi ma maigida irin wannan igiya ce ta ɗaure shi. In ya ƙi biyan baƙonsa, labari zai bi hanyar da shanu suka biyo ya koma Arewa, baƙi su daina sauka a gidansa. Gidajensa da sunansa su ne jarinsa, kuma ba ya iya naɗe su ya gudu da su cikin dare. Rigingimu kuwa a gaban Sarkin Sabo da manyan unguwa ake kashe su. Cohen ya ga cewa shigar yawancin mutanen Sabo ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, da ware masallacin Jumma'arsu, sun ƙara ɗaure wannan zumunci daidai lokacin da ikon da Turawan mulki suka ba sarakunan baƙi yake raguwa.

A Arewa, inda alƙali yake kusa, shari'a ta ba mai bin bashi wasu makamai. Yana iya karɓar jingina tun ranar ciniki, ko ya nemi mai lamuni. Mawadacin da yake taurin bashi azzalumi ne a hukuncin hadisi, alƙali yana iya tsare shi har ya biya, ko ya sayar da dukiyarsa. Wanda aka tabbatar ba shi da komai kuwa ba a ɗaure shi. In bashi ya yi wa mutum katutu har alƙali ya hana shi taɓa dukiyarsa, wanda ya sayar masa da kaya ya kuma same su yadda suke yana da ikon ɗaukar abinsa kafin a raba sauran. Duk waɗannan hanyoyi suna matsa wa mai taurin kai, amma babu wadda take ƙara yawan bashin.

Inda abin yake ɓaci

Kada a ɗauka cewa kowa ya tsaya a kan iyaka. Hanya mafi daɗewa ta kauce mata ita ce a fake da ciniki. Mutum yana bukatar kuɗi, sai attajiri ya sayar masa da turmin zane a kan sha biyu zuwa wata uku, nan take kuma ya saye shi daga hannunsa a kan goma, kuɗi hannu. Zane ya koma inda ya fito, abin da ya rage shi ne an ba da goma za a karɓi sha biyu. Malikawa sun ware babi guda a kan irin waɗannan cinikayya na ajali, sun kuma hana su. Ma'aunin da suke amfani da shi mai sauƙi ne: a dubi abin da ya fita daga hannu da abin da ya dawo, a manta da kayan da aka gitta a tsakani.

Hanya ta biyu ita ce sabunta bashi. Ajali ya cika, mai saye ya gaza, sai a ce an sayar masa da wasu kaya a farashi mai tsada don a cusa tarar a ciki, ko a mai da kuɗin da ake binsa buhunan hatsi da zai kawo nan gaba a kan farashin da bai kai na kasuwa ba. Wannan ma an hana, domin juya bashi ne zuwa wani bashin da ya fi shi.

A karkara matsalar ta fi tsanani. Manomin da rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damina yakan karɓi hatsi ya biya da kaka. A watan Agusta hatsi yana da tsada, da kaka kuwa ya faɗi, saboda haka mai bayarwa yakan ce dami ɗaya na damina sai an biya shi da fiye da ɗaya. Hujjarsa ta kasuwa tana da ƙarfi, amma a shari'a abinci da abinci ne tare da jinkiri da fifiko. Ko da an bi ta hanyar da ta halatta, aka sayar masa da hatsin da kuɗi zuwa kaka, tambayar adalci tana nan, domin mai jin yunwa ba ya tayi. Ƙarin da ya dace shi ne wanda mai saye zai iya fitarwa daga ribar abin da ya saya, kamar mahauci da sansa. Hatsin da aka ci a tuwo kuwa ba ya kawo ribar da za a biya ƙari da ita.

Faɗuwar darajar kuɗi da dawowar maganar tara

Tsarin da aka bayyana yana tafiya daidai ne idan kuɗi yana riƙe darajarsa, mutane kuma sun san juna. Tun a ƙarni na 19 an ɗanɗana akasin haka, lokacin da jiragen Turawa suka yi ta jibge wuri a gaɓar teku har darajarsa ta zube. Amma zamanin naira, wadda ta maye gurbin fam a 1973, ya fi tsanani, musamman bayan gyaran tattalin arziki na 1986. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. A irin wannan shekara, wanda ake bi naira 100,000 ya yi jinkirin wata goma sha biyu, abin da ya biya ba zai sayi fiye da kayan naira 77,000 na ranar da ya kamata ya biya ba. Mai taurin bashi ya ci riba ke nan, mai haƙuri ya yi asara. Ga shi kuma birane sun cika, wanda aka hana bashi a wannan layi sai ya koma wancan inda ba a san shi ba.

Malaman zamani sun yi ta muhawara a kan wannan. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1988 cewa ana biyan bashi da adadinsa ne, ba da darajarsa ba. A 1990 ta tabbatar da halaccin fifita farashin ajali a kan na hannu da biya kashi-kashi, ta kuma hana ɗora wa mai jinkiri wani ƙari. A 1992 ta yarda da rage bashi ga wanda ya biya da wuri, muddin ba a shardanta tun farko ba, a nan ta saɓa wa sanannen ra'ayin Malikawa. Shehu Mustafa Zarƙa na ƙasar Sham yana ganin ya halatta a sa mawadaci mai taurin bashi ya biya diyyar cutarwar da ya jawo, amma malamai da yawa ba su bi shi ba.

Mafitar da bankunan Musulunci da yawa suka ɗauka daga littattafan Malikiyya ta fito. Malam Haɗɗab, wanda ya rasu a 1547, ya kawo ra'ayin wasu malaman mazhabar cewa in mutum ya ɗaukar wa kansa alkawarin ba da sadaka idan ya saɓa ranar biya, ana iya tilasta masa cikawa. A kan wannan aka gina sharaɗin da ake sawa a yarjejeniyar murabaha, watau cinikin da banki yake sayen kaya ya sayar wa mutum da sananniyar riba zuwa ajali: mai jinkiri ba da uzuri ba zai biya wani abu, amma kuɗin ba ya shiga ribar banki, ayyukan alheri ake kai shi. Da haka mai taurin bashi yana jin zafi, mai bin bashi kuma ba ya samun dalilin yin murna da jinkirin. Wannan muhawara ta shafi Nijeriya kai tsaye tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012.

Kammalawa

Idan aka koma ga littafin mai kanti, tarihin nan ya ba da ma'auni. Ƙarin da aka rubuta wa ma'aikaci ranar da ya ɗauki shinkafa yana da asali a shari'a da al'adar kasuwa, in dai an gaya masa tun farko, an tsayar da farashi ɗaya da rana ɗaya, an kuma rubuta a gabansa. Mai kanti yana da ikon ya lissafa yiwuwar makarar albashi da tashin farashi ya sa su a cikin wannan ƙari tun ranar. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya buɗe littafin bayan wata biyu ya mai da sha biyu ta zama sha huɗu.

In jinkirin daga makarar albashi ne, hukuncin shi ne a saurara. In kuwa albashi ya shigo mutum ya bi ta wata hanya don kada mai kanti ya gan shi, to makamin da masu gidajen Sabo suka yi amfani da shi yana nan: a rufe masa shafi, a nemi mai lamuni kafin a sake buɗewa, makwabtan rumfa kuma su ji labari. Ma'aikacin da ya biya a ranar da ya ambata shi ne wanda zai tarar da shafinsa a buɗe a watan da albashi ya sake makara.